Huɗu ga Ɗaya: Lissafin Abincin Keto Daga Kalori Zuwa Faranti

A 'yan shekarun nan sunan keto ya shiga bakin mutane ta ƙofar rage ƙiba. Kowa ya san wata ko wani da ya yi sallama da tuwo da shinkafa, ya koma kan ƙwai da nama da ganye. Amma asalin wannan tsarin cin abinci ɗakin jinyar yara ne. A shekarar 1921 wani likita mai suna Russell Wilder, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya kawo shawarar a yi wa masu farfaɗiya magani da abinci mai yawan maiƙo. Tun kafin nan an lura cewa yunwar kwanaki tana kwantar da farfaɗiya, sai dai babu wanda zai rayu da yunwa. Wilder ya nemi abincin da zai sa jiki ya yi aikin da yake yi lokacin yunwa alhali mutum yana ci yana ƙoshi. Har yau a asibitocin da ke wannan aiki, abincin keto magani ne da ake rubutawa a takarda, kuma abin da ke kan takardar lambobi ne: kalori kaza a rana, awo kaza, sannan giram nawa na maiƙo, nawa na furotin, nawa na kabohaidiret.

Dalilin tsananin awon yana cikin yadda jiki ke aiki. Ƙwaƙwalwa ta saba da sukarin jini, wanda ke fitowa daga kabohaidiret, wato sitacin hatsi da doya da dankali, da sukarin 'ya'yan itace da madara da zuma. In aka hana jiki wannan, sai hanta ta koma farfasa kitse tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, ƙwaƙwalwa kuma ta koma amfani da su. Ga wasu yara masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, wannan sauyi yana rage tashin ciwon. A 2008 an wallafa wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, da yara 145. Bayan wata uku, kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka ɗora a kan abincin sun samu raguwar fiye da rabin tashin ciwonsu, alhali a cikin waɗanda ba a ɗora ba kashi 6 ne kawai. Bai yi wa kowa aiki ba ke nan, amma ga iyayen da suka gwada magani biyu ko uku ba su ga haske ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To, hanta ba ta ci gaba da yin keton sai an tsare ma'auni. Kabohaidiret kaɗan ya wuce iyaka, ta koma gidan jiya.

Abin da 4:1 yake nufi

Lambar da aka fi gani a takardar ita ce 4:1, wato huɗu ga ɗaya. Ma'anarta ita ce: a duk giram 4 na maiƙo, akwai giram 1 na furotin da kabohaidiret a haɗe. Abu biyu ne ke ɓatar da mutane a nan. Na farko, awon na nauyi ne, giram da giram, ba na kalori ba. Na biyu, wannan ɗayan na bayan ba na kabohaidiret kaɗai ba ne, su biyu ne ke raba shi da furotin. An haɗa su a gefe guda ne domin jiki yana iya juya wani kaso mai yawa na furotin ya zama sukari, don haka naman da ya yi yawa shi ma yana danne keton, ko da bai kai shinkafa ba.

Sai kuma lambobi uku da dukkan lissafin ya dogara a kansu. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9. Giram ɗaya na furotin yana ba da 4, na kabohaidiret shi ma 4. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe rabin aikin.

Masana abinci na asibiti suna da wata dabara mai sauƙi ta haɗa awon da kalori. Ka ɗauka abincin rana guda an ƙulla shi ne ƙulli-ƙulli, irin yadda mai tebur ke ƙulla gishiri ko sukari a leda, kowane ƙulli daidai da ɗan'uwansa. A awon 4:1, cikin kowane ƙulli akwai giram 4 na maiƙo da giram 1 na sauran biyun. Kalorinsa ke nan 4 × 9 = 36, a ƙara 4, ya zama 40. A awon 3:1 ƙullin yana da kalori 27 da 4, wato 31. A 2:1 yana da 22, a 1:1 kuma 13. Da zarar an san kalorin ƙulli ɗaya, tambayar da ta rage ita ce ƙulli nawa yaron ke bukata a rana.

A lura da abin da ya fito daga wannan ɗan lissafin. A cikin kalori 40 na ƙullin 4:1, 36 daga maiƙo suke, wato kashi 90 cikin 100. Mutane da yawa in suka ji huɗu ga ɗaya sai su ɗauka kashi 80 ne, tunda huɗu cikin biyar ne. A nauyi haka ne, amma a kalori ya kai 90, saboda maiƙo ya ninka sauran a ƙarfi fiye da sau biyu. Nan gaba za mu ga irin ɓarnar da wannan ruɗanin ke yi.

Yaro ɗan shekara biyar

A ce ga yaro ɗan shekara 5, nauyinsa kilo 18, an gwada masa magunguna ba su tsayar da ciwon ba, likitan ƙwaƙwalwa ya tura shi wajen masaniyar abinci. Ba da awo za ta fara ba. Za ta fara da kalori. Za ta auna nauyinsa da tsawonsa, ta duba yadda yake girma a katin awo, ta tambayi uwar abin da yake ci a kwana uku na yau da kullum, ta kuma duba ko yaro ne mai guje-guje ko kuwa wanda ciwo ya kwantar. Yara biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya yana wasan ƙwallo ɗaya yana kan keken guragu, ba za a ba su kalori ɗaya ba. A da ana rage wa yaran kalori da gangan zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na bukatarsu, amma yanzu yawancin asibitoci suna ba da abin da zai ishi yaro ya girma yadda ya kamata. A ce ta tsayar wa wannan yaron kalori 1200 a rana, likita kuma ya zaɓi awon 4:1.

Matakin farko, a raba kalori da kalorin ƙulli: 1200 ÷ 40 = 30. Yaron zai ci ƙulli 30 a rana. Tunda kowane ƙulli yana da giram 4 na maiƙo, maiƙon rana shi ne 30 × 4 = giram 120. Tunda kuma kowane ƙulli yana da giram 1 na furotin da kabohaidiret, su biyun a haɗe giram 30 ne. Iyakar abin da awo ke iya faɗa ke nan. Bai faɗi yadda za a raba giram 30 ɗin ba.

A nan ne furotin ke shiga gaba, kuma ba a jayayya da shi. Yaro yana gina tsoka da ƙashi da jini, kuma maiƙo ba ya yin wannan aikin komai yawansa. Tun a 1925 wani likitan yara na asibitin Mayo, Mynie Peterman, ya kafa ƙa'idar giram 1 na furotin ga kowane kilo na nauyin yaro, kuma har yau kusa da nan ake farawa ga yaran da suka wuce yaye, jarirai kuwa ana ba su fiye da haka. Yaronmu mai kilo 18 zai samu giram 18. A cire 18 daga 30, saura 12. Wannan shi ne kabohaidiret ɗinsa na yini guda cur: giram 12.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, babu wanda ya zaɓi wannan 12 ɗin. Ragowa ce. Kalori ya zo daga jikin yaron, furotin ya zo daga nauyinsa, awo ya zo daga likita, abin da ya saura bayan kowa ya ɗauki rabonsa shi ne na kabohaidiret. Don a ga ƙanƙantarsa: giram 100 na dafaffiyar shinkafa, wanda bai fi 'yan cokula ba, yana da kusan giram 28 na kabohaidiret. Rabon yaron na yini bai kai rabin wannan ba. Ƙaramin cokalin shayi na sukari giram 4 ne, uku daga cikinsu sun cinye rabon duka.

Kafin a wuce, a tabbatar da lissafin ta baya. Maiƙo 120 × 9 = 1080. Furotin 18 × 4 = 72. Kabohaidiret 12 × 4 = 48. Jimla 1200. Awo kuma 120 ÷ 30 = 4. Duk takardar da ba ta dawo da kai inda ka taso ba ta waɗannan hanyoyi biyu, akwai kuskure a cikinta.

Yanzu a koma kan mai ruɗanin kashi 80. Shi zai ce kashi 80 na 1200 shi ne kalori 960, ya raba da 9, ya samu giram 107 na maiƙo. Sauran kalori 240 ya raba da 4, ya samu giram 60 na furotin da kabohaidiret. Jimlar kalorinsa daidai take, 1200, shi ya sa kuskuren ke wucewa ba a gani ba. Amma a raba 107 da 60, awon gaskiya bai kai 2:1 ba, kusan 1.8 ne. Ya ninka rabon furotin da kabohaidiret, kuma bayan cire furotin 18 yaron zai riƙa cin giram 42 na kabohaidiret a maimakon 12. Iyaye za su yi wata uku suna wahala, ciwo bai ragu ba, a ce abincin bai karɓi yaron ba, alhali ba a taɓa ba shi abincin da aka rubuta ba.

Sauka ɗaya a awo

In aka ɗauki yaron nan, ba a taɓa kalorinsa ba, aka saukar da shi zuwa 3:1, abin da ke faruwa yana ba mutane mamaki. 1200 ÷ 31 ya ba da ƙulli 38.7. Maiƙo ya zama 38.7 × 3, kusan giram 116. Giram 4 kawai aka rage, abin da ido ba zai gane a faranti ba. Amma rabon furotin da kabohaidiret ya tashi daga 30 zuwa 38.7, kuma tunda furotin yana nan a 18, duk ƙarin ya faɗa wa kabohaidiret: daga giram 12 zuwa kusan 21. Ga uwar da ke dafawa, wannan shi ne bambancin yaro ya ga 'yan yankan 'ya'yan itace a gefen farantinsa ko kada ya gani. Ga hanta kuwa, shi ne bambancin keton mai yawa da matsakaici. Don haka canza awo ba ƙarin mai ko rage mai ba ne a zahiri, buɗe wa kabohaidiret ƙofa ne ko tura ta.

Wannan ya bayyana abin da ya sa ba kowa ake ɗorawa a kan 4:1 ba. A ɗauki saurayi mai kilo 60 da ke bukatar kalori 2000. A awon 4:1 yana da ƙulli 50, wato maiƙo giram 200 da giram 50 na sauran biyun. In aka ba shi furotin giram 1 ga kowane kilo, yana bukatar 60. Rabon ya ƙare tun kafin furotin ya cika, har ana bin sa bashin giram 10, kabohaidiret kuwa babu maganarsa. Irin wannan takardar ba ta rubutuwa. A 3:1 zai samu ƙulli 64.5, ragowar kabohaidiret giram 4 da rabi. Sai a 2:1, da ƙulli kusan 91 da maiƙo giram 182, ragowar ta kai giram 31, abin da babban mutum zai iya zama da shi. Shi ya sa matasa da manya ake kai su awo mai sauƙi, ko a ɗora su a kan wani tsari da asibitin Johns Hopkins na Baltimore ya fara a 2003, wanda aka gina a kan abincin Atkins: a ƙayyade kabohaidiret tsakanin giram 10 da 20 a rana, a bar furotin a sake, a yawaita maiƙo. Jarirai su ma yawanci 3:1 ake ba su, saboda bukatarsu ta furotin a kan kowane kilo ta fi ta manyan yara.

Masu keto na rage ƙiba su ma za su iya auna nasu da wannan mudun. Tsarin da aka fi yayatawa shi ne kashi 70 na kalori daga maiƙo, 25 daga furotin, 5 daga kabohaidiret. A kalori 2000 wannan ya zama maiƙo giram 156, furotin 125, kabohaidiret 25. A raba 156 da 150, awon ya tsaya kusa da 1:1. Ba laifi ba ne, manufarsa daban ce. Laifin shi ne a ɗauki girkin rage ƙiba a ce da shi za a yi wa yaro maganin farfaɗiya, ko kuma mai son rage tumbi ya ɗora wa kansa 4:1 don ya ji an ce ya fi ƙarfi.

Daga takarda zuwa tukunya

A tsarin asibiti ba a yarda a ce an cika awon a ƙarshen yini ba. Kowane cin abinci sai ya zo da awonsa, domin in aka tara kabohaidiret da safe aka tara mai da dare, keton zai faɗi da safen, kuma ciwon ba ya jiran dare. Yaronmu mai cin abinci sau uku zai samu kalori 400 a kowane zama: maiƙo giram 40, furotin 6, kabohaidiret 4.

A gwada haɗa masa karin kumallo da abin da ke kowace kasuwa: ƙwai, kabeji, tumatir da man gyaɗa. Wahalar ita ce babu abincin da yake abu ɗaya zalla in ban da mai. A giram 100 na ɗanyen ƙwai akwai furotin kusan 12.6, maiƙo 9.5, da ɗan kabohaidiret 0.7. Kabeji yana da kabohaidiret kusan 5.8 da furotin 1.3. Tumatir yana da kabohaidiret 3.9 da furotin 0.9. Ke nan ganyen ma yana cin rabon furotin, ƙwan kuma yana taɓa rabon kabohaidiret. Saboda haka ake bin jeri: a fara da kayan lambu, a cike furotin, a rufe da mai.

Kabeji giram 40 ya kawo kabohaidiret 2.3 da furotin 0.5. Tumatir giram 35 ya kawo kabohaidiret 1.4 da furotin 0.3. An samu kabohaidiret 3.7, an bar 0.3 saboda ƙwai. Furotin ya samu 0.8, saura 5.2, kuma ƙwai giram 41 ne ke ba da wannan. Giram 41 bai kai matsakaicin ƙwai guda ba, don haka ba a cewa "a fasa ƙwai ɗaya". Ana fasa shi a kwano, a kaɗa, a ɗora wani kwanon a sikeli, a zuba har allon ya nuna 41. Wannan ƙwan ya zo da maiƙo kusan giram 4. Saura 36, kuma man gyaɗa giram 36 zai cike, wato babban cokali biyu da rabi da ɗan ɗori.

A tsaya a kalli farantin. Ƙwan da bai cika ɗaya ba, ɗan kabejin da bai cika tafin hannu ba, rabin ƙaramin tumatir, suna iyo a cikin man da nauyinsa ya kusa na ƙwan. Uwar da ta fara ganinsa takan ce yaron zai mutu da yunwa, amma kalori 400 ne cif, kamar na farantin shinkafa. Aikin da ke gabanta shi ne yadda man zai shiga cikin yaron. Wasu suna kaɗa shi cikin ƙwan kafin suya, wasu su raba shi, rabi a girki rabi a cokali kamar magani. A Amurka da Birtaniya kirim mai kauri da bota ne ke ɗaukar wannan nauyin. A nan gida akwai man gyaɗa, manja, man kwakwa, man shanu da fiya. Man shanun da ba a soya ba yana da ruwa a ciki, don haka giram 36 nasa ba giram 36 na maiƙo ba ne. Botar kanti kanta kusan kashi 81 cikin 100 ne maiƙo.

Gyaɗa ta cancanci gargaɗi na musamman, saboda kowa ya san ta da mai. A giram 100 tana da maiƙo kusan 49, amma tana da furotin 26 da kabohaidiret 16. Awonta bai wuce ɗaya da 'yan kai ga ɗaya ba, ke nan duk ƙwayar da yaro ya tsinta tana jan awonsa ƙasa. Ƙuli-ƙuli ya fi muni, tunda an matse man an bar abin da ake gudu. Nono da madara su ma haka, sukarinsu ya fi maiƙonsu yawa.

Akwai kuma wata matsala a takardar da ke jikin gwangwani. Wani ɓangare na kabohaidiret ɗin ganye, wanda ake kira faiba, ciki ba ya narkar da shi. Kayan da aka yi wa rubutu a Amurka suna haɗa faiba cikin jimlar kabohaidiret, na Birtaniya da Turai kuwa suna ware shi daban. Lambobin da na yi amfani da su a sama jimla ne har da faiba. Wasu asibitoci suna cirewa, wasu ba sa cirewa. Abin da ya zama dole shi ne a tambayi wacce hanya masaniyar abincin ke bi, a tsaya a kanta, kada a cire faiba sau biyu.

Inda awon ke zubewa

Sau da yawa lissafin takarda daidai yake, a faranti ne yake lalacewa. Yaro ya cinye ƙwai da ganye, ya bar giram 8 na mai a kaskon suya da gindin faranti. Abin da ya shiga cikinsa maiƙo 32 ne a kan 10, wato 3.2:1. Shi ya sa ake koya wa iyaye su suɗe kasko da faranti da ɗan abin katsa na roba, su ba yaron. In kuma kaka ta ga jikanta ya ba ta tausayi ta sa masa cokalin shayi ɗaya na sukari a ruwan zafi, awon wannan zaman ya zama 40 a kan 14, ƙasa da 3:1. A gidan da ake cin abinci a tire ɗaya, yara suna miƙa wa juna alewa, wannan ya fi lissafin kansa wuya, kuma dole kowa a gidan ya san dalili, har da malamin makaranta.

Sukarin da ba a gani shi ne ya fi cin mutane. Magungunan yara na ruwa, na zazzaɓi da na tari da na kashe ƙwayoyin cuta, yawancinsu da sukari ake haɗa su, kuma shan yini guda na iya cinye babban kaso na giram 12 ɗin. Saboda haka ake canza su zuwa ƙwaya inda zai yiwu, ko a lissafa abin da ke cikinsu a cire daga rabon abinci. In aka kwantar da yaron a asibiti, dole a gaya wa ma'aikatan jinya tun a bakin ƙofa, domin ƙarin ruwa mai sukari leda ɗaya yana iya rushe keton ya dawo da ciwon. Sikeli kuma sai mai nuna giram ɗaya-ɗaya, wanda ake iya mayarwa sifili bayan an ɗora kwano. Cokali da gwangwani da "ɗan kaɗan" ba su da wuri a nan. Haka nan a san ko lissafin na ɗanyen abu ne ko dafaffe, tunda nama yana rage nauyi a wuta amma furotin ɗinsa yana nan.

Jikin yaron ne ke nuna ko lambobin sun dace. Ana auna keton da tsinken gwajin fitsari mai canza launi, ko da ɗigon jini a 'yar na'ura irin ta masu ciwon suga, inda asibitoci da yawa ke neman tsakanin 2 da 5 a ma'aunin da na'urar ke nunawa. In keton ya yi ƙasa, ba a gaggauta ɗaga awo, sai an fara bincikar faranti da magunguna, sannan a duba nauyi. Yaron da ke ƙiba da sauri an ba shi kalori fiye da bukatarsa, wanda kuma ke ramewa an ƙware shi. In keton ya yi yawa, yaro yakan yi amai, ya yi laushi, ya riƙa numfashi da sauri, barci ya rinjaye shi. Haka ma in sukarin jini ya faɗi sosai, musamman a kwanakin farko. Wannan lamarin gaggawa ne, kuma asibiti kan bai wa iyaye umarni a rubuce na ɗan ruwan lemon da za a ba shi da lokacin da za a garzaya da shi.

Akwai abubuwan da lissafin ba ya gani kwata-kwata. Giram 120 da 18 da 12 ba su ce komai ba game da kalsiyam da bitamin, kuma abincin da aka cire wa hatsi da madara da yawancin 'ya'yan itace ba zai wadatar da su ba, don haka ake haɗa shi da ƙwayoyin ƙari marasa sukari. Taurin bayan gida ruwan dare ne, wasu yaran suna samun tsakuwar ƙoda, kitsen jini yakan hau, girma na iya yin jinkiri. Akwai kuma yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya ƙona kitse yadda ya kamata, waɗanda wannan abincin zai iya kashewa, shi ya sa ake gwajin jini da fitsari kafin a fara. Mai ciwon suga da ke kan allurar insulin ko ƙwayoyi, da mace mai juna biyu, su ma ba su da hurumin gwada shi da ka. Lissafin kowa zai iya yi da biro, amma zaɓen lambobin da za a zuba a cikinsa aikin likita ne da masaniyar abinci, kuma ba a dakatar da maganin farfaɗiya don an fara abincin.

Takardar kuma ba ta dawwama, tunda yaro girma yake. In yaronmu ya kai kilo 20, furotin ɗinsa ya zama giram 20. In aka bar kalori a 1200, ragowar kabohaidiret ta sauka zuwa 10 ba tare da kowa ya nufa ba. In aka ɗaga kalori zuwa 1320, ƙulli ya zama 33, maiƙo 132, kabohaidiret 13, kuma duk girke-girken da uwar ta haddace sai an sake lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci ana ba abincin kamar wata uku a ga ko yana aiki. In ya yi, akan ci gaba har kusan shekara biyu kafin a yi tunanin janyewa, kuma janyewar da awo ake yin ta, daga 4:1 zuwa 3:1 zuwa 2:1, ana tsayawa a kowane mataki ana lura ko ciwon zai ɗago kai. A kalori 1200 da furotin 18, matakin 2:1 yana ba da maiƙo giram 109 da kabohaidiret kusan 36, ninki uku na abin da yaron ya fara da shi.